Mutum shida za mu sallama, Alhaji ya ce a ba su takarda iri ɗaya

Manajan_Casa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina riƙe da wani ƙaramin kamfanin casar shinkafa a Kano, ma'aikatanmu 34. Mai kamfanin ya ba ni sunayen mutum shida ya ce zuwa ƙarshen wata kada a sake ganinsu. Na farko mai kula da sito ne, shekararsa 7 da mu, an yi ƙidaya an ga babu buhu 14. Na biyu yaro ne mai bin diloli yana tallar kaya, shekararsa 3, ana so ya sayar da buhu 400 a wata amma da ƙyar yake kai 150. Sauran huɗun masu awo da ɗinkin buhu ne. Mun sayo injin da ke aunawa ya ɗinke da kansa, sashen da ke da mutum 9 yanzu 5 sun isa. Alhaji ya ce in buga takarda ɗaya mai cewa kamfani ba ya bukatar aikinsu, in canza suna kawai, a ba kowa albashin wata ɗaya. Zuciyata ba ta kwanta ba. Masu sani, ya halatta a yi haka?

Akanta77:
Wa alaikumussalam. Alhaji ya fi ka gaskiya. A kamfani mai zaman kansa mai gida na da ikon sallamar ma'aikaci da dalili ko babu dalili, muddin ya ba da notis ko kuɗin notis. Kana rubuta dalili ka ɗora wa kanka nauyin tabbatar da shi a kotu. Ka buga takardarka gajera ka huta.

Lauyar_Zariya:
Malam Akanta, rabin maganarka daidai ne. Gaskiya ne wanda ya rubuta dalili sai ya kawo hujjarsa, Kotun Ƙoli ta faɗi haka a shari'ar Shell da Olarewaju a 2008. Amma batun sallama babu dalili, ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsa. Tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba rashin adalci a wurin aiki da kuma yin la'akari da yadda ake yi a duniya. Daga nan alƙalanta suka fara cewa sallama sai da dalili na gaskiya. Shari'ar Aloysius da bankin Diamond ta 2015 ce aka fi ambata.

Malam Manaja, abin da ke gabanka matsala uku ce daban-daban, kowace da hanyarta. Mai sito ana zarginsa da laifi. Ɗan talla ana cewa ya gaza. Masu ɗinki ba su yi komai ba, aikin ne ya ƙare. Bari in fara da na sito don shi ya fi haɗari. Kafin nan ka gaya mini: mabuɗin siton nawa ne, kuma wa ya yi ƙidayar?

Manajan_Casa:
Mabuɗi biyu ne, Barista. Ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun ƙanin Alhaji, saboda wani lokacin ana lodi da dare. Ƙidayar kuma ni da akantanmu muka yi ranar Lahadi, shi ba ya nan.

Lauyar_Zariya:
To ka ga inda gizo ke saƙa. Abin da ke hannunka yanzu shi ne buhu 14 sun ɓace. Ba ka da hujjar cewa shi ya ɗauke su. In ka kore shi a kan sata gobe, tambayar farko da lauyansa zai yi maka ita ce ta mabuɗi na biyu.

Ga yadda zan bi in ni ce. A sake ƙidaya a gabansa, ya sa hannu a kan adadin da aka samu. A ɗauko littafin sito, da takardun fitar kaya, da littafin maigadi na bakin ƙofa, a jera su rana da rana tun daga ƙidayar ƙarshe da ta yi daidai. Sannan ka ba shi kweri a rubuce, kuma kwerin ya faɗi abin da ake tuhuma dalla-dalla: daga rana kaza zuwa rana kaza littafi ya nuna buhu kaza, ƙidaya ta nuna kaza, bambanci 14, ka yi bayani cikin kwana biyu ko uku. Kada ka rubuta "ka yi bayanin halinka" kawai, ba wanda zai iya kare kansa daga irin wannan.

In ya amsa laifi a rubuce, magana ta zo da sauƙi. Kotun Ƙoli ta ce a shari'ar Imonikhe da bankin Unity a 2011 cewa ba da kweri da karɓar amsa kafin yanke hukunci ya wadatar wajen jin ta bakin mutum. Amma in ya musa, ya kuma ambaci lodin dare, to ka zaunar da kwamiti na mutum biyu ko uku waɗanda ba su da hannu a zargin. Kai da akanta shaidu ne, bai kamata ku zama alƙalai ba. A kira ƙanin Alhaji da maigadi a gabansa, a bar shi ya yi musu tambaya, a rubuta duk abin da aka faɗa. Bayan haka ne za a san ko sata ce, ko sakaci, ko ba shi da laifi. Sata ta tabbata, ana iya korarsa nan take babu notis, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya bar wannan ƙofa a buɗe. Sakaci kuwa sai a duba abin da ƙa'idar kamfaninku ta tanada, wataƙila gargaɗi ne kawai.

Direban_Tirela:
Allah Ya saka miki Hajiya. Ni haka aka yi mini a wani kamfani a Kaduna. Aka ce man mota ya yi ƙasa, ba wanda ya tambaye ni komai, sai 'yan sanda na gani. Na kwana a ofishinsu, da na fito na tarar an liƙa takardar kora a ɗakin maigadi. Daga baya aka gano tankin ne ke yoyo. Har yau in na je neman aiki sai an tambaye ni dalilin barin wancan wurin. Kora da sunan sata ba albashi kaɗai take ci ba, da sunan mutum take tafiya. Malam Manaja ka ji tsoron Allah a kan bawan Allah nan.

Baban_Yuniyan:
Ni dai abin da na sani tun muna ƙungiya, ba a korar mutum a kan sata sai kotu ta same shi da laifi. Akwai hukuncin ɗaliban Jami'ar Maiduguri da muke dogara da shi.

Lauyar_Zariya:
Baba, shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri kake nufi, ta 1986, kuma an daɗe ana fahimtarta haka. Amma Kotun Ƙoli ta fayyace daga baya, a shari'ar Yusuf da bankin Union a 1996 da ta Arinze da First Bank a 2004, cewa mai kamfani ba sai ya jira kotu ba kafin ya kori ma'aikacinsa a kan rashin gaskiya, muddin ya ba shi damar kare kansa. Kai ƙara wurin 'yan sanda zaɓi ne, kuma ba ya maye gurbin kweri. Abin da aka yi wa Malam Direba ke nan, an tsallake sauraronsa gaba ɗaya.

Akanta77:
To me zai hana a cire kuɗin buhu 14 ɗin daga albashinsa a wuce wurin?

Lauyar_Zariya:
Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana. Ba a cire wa ma'aikaci kuɗin asara daga albashi sai da amincewar jami'in ƙwadago a rubuce, kuma sai asarar ta zo ta hanyar ganganci ko sakacinsa. Mun sake komawa kan bincike ke nan.

Malama_Firamare:
Don Allah ni ma a taimaka mini. Mijin yayata ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, an dakatar da shi, yanzu ana maganar kora. Shi ma albashin wata ɗaya kawai zai samu?

Tsohon_Sakatare:
Malama, nasa daban ne da abin da ake tattaunawa. Aikin da doka ta kafa sharuɗɗansa, kamar na ma'aikacin gwamnati da aka tabbatar, ba a raba mutum da shi sai an bi ƙa'idojin aikin gwamnati ɗaya bayan ɗaya. In aka tsallake mataki, kotu na iya soke korar ta mayar da shi kujerarsa da bashin albashinsa, kamar yadda aka yi a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas a 1985. A kamfani mai zaman kansa kuwa da wuya a tilasta mayar da mutum, diyya ake ba shi. Ya adana kowace takarda da aka ba shi, ya amsa kweri a kan lokaci, ya nemi lauya tun yanzu. Ki buɗe maganarsa daban don a ba ta haƙƙinta.

Maman_Ikram:
Ni ɗan tallan ne ya tsaya mini a rai. Na yi aikin kula da ma'aikata a wani kamfanin lemo, kuma na lura masu gida sun fi raina irin wannan sallamar, alhali ita ta fi cin lokaci. Mai laifi ya ƙi yi ne, mai gazawa ya kasa ne. Wanda ya kasa kuwa sai an nuna masa inda ya kasa an kuma ba shi lokacin gyarawa. Malam Manaja, buhu 400 ɗin nan a rubuce yake? An taɓa yi masa gargaɗi a rubuce? Sauran 'yan tallan nawa suke sayarwa?

Manajan_Casa:
Ba a rubuce yake ba, Hajiya, a taro Alhaji ya faɗa. Gargaɗi kuma da baki ne. Sauran biyun suna kai 300 zuwa 350, amma su cikin gari suke bi, kasuwar Singa da Dawanau. Shi an ba shi hanyar Wudil da Gaya tun bara, kuma babur ɗin da aka ba shi ya fi wata biyu a wurin bakanike.

Maman_Ikram:
To ka amsa wa kanka. Ba wanda ke kai 400 ɗin, har da waɗanda ke cikin manyan kasuwanni. Shi an tura shi inda dilolin ba su da yawa, an kuma bar shi a ƙasa. Idan aka sallame shi a kan gazawa yau, me za a nuna?

Yadda muke yi: a zauna da shi, a duba abin da hanyar ke iya ɗauka, a rubuta adadi mai yiwuwa, a ce 220 misali, ku biyu ku sa hannu. A gyara babur, kuma a rubuta ranar da aka miƙa masa shi. A ba shi wata uku, ƙarshen kowane wata a zauna a rubuta abin da ya sayar da abin da ya ce ya hana shi. In wata na biyu ya wuce babu motsi, gargaɗin ƙarshe a rubuce, wanda ya faɗi a fili cewa aikinsa na cikin haɗari. In ya cika wata uku bai kai ba, a saurare shi sau ɗaya kuma, a duba ko akwai wani gurbin da zai iya, sannan a sallame shi da notis da duk haƙƙoƙinsa. Ba a yi masa korar nan take, domin bai aikata laifi ba.

Alamar da nake gane an yi zalunci ita ce fayil. In ka buɗe ka ga shekara uku babu ko takarda ɗaya, sai gargaɗi uku da aka rubuta cikin mako guda, to an riga an yanke hukunci, takardun ado ne. Alƙalai ma suna gane haka.

Akanta77:
Hajiya, wane sashe na doka ne ya ce wata uku? Ni ban taɓa gani ba. Ƙaramin kamfani ba zai iya ciyar da mutum wata uku yana jiran ya gyaru ba.

Lauyar_Zariya:
Babu sashen da ya ce haka, ka yi gaskiya. Dokar Ƙwadago ba ta jera matakan sallamar mai gazawa ba. Ana samo su ne daga takardar ɗaukar aiki, da littafin ƙa'idojin kamfani, da kuma yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1982, wadda ta ce dalilin sallama ya danganci hali, ko iya aiki, ko bukatar kamfani, kuma a saurari mutum kafin a sallame shi a kan hali ko aiki. Najeriya ba ta rattaba hannu a kanta ba, Kotun Ma'aikata na ɗaukarta ne a matsayin ma'aunin kyakkyawan tsari. Shi ya sa har yanzu lauyoyi ke jayayya, kuma akwai hukunce-hukuncen manyan kotuna da ke kan tsohuwar fahimtar da kake faɗa. Amma ƙarar ma'aikaci a Kotun Ma'aikata take farawa, tana da reshe a Kano, can Malam Manaja zai tsaya. Wata uku ba wajibi ba ne, lokaci mai ma'ana ake nema. Mai talla ba a gane shi a mako biyu.

Wani abu kuma game da yaron: sashe na 91 ya cire wakilai da masu yawon talla daga waɗanda dokar ke kira ma'aikaci, gwargwadon yadda aikinsu yake a wajen harabar kamfani. Don haka a nasa notis ɗin, takardar ɗaukarsa aiki za ka fara dubawa.

Akanta77:
Na ji, amma ban sauka daga ra'ayina gaba ɗaya ba. Na ga kamfanonin da suka ba da notis babu dalili kuma ba abin da ya faru.

Baban_Yuniyan:
Ba abin da ya faru saboda talaka ba shi da kuɗin lauya, ɗana. Bari in yi magana a kan huɗun nan, don nan ne fagena. Rage ma'aikata shi kaɗai ne cikin ukun da doka ta ba shi sashe nasa, sashe na 20, kuma abu uku ta nema. A sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata dalilin ragewar da yawan waɗanda za ta shafa. A bi tsarin wanda ya zo ƙarshe shi ke fara tafiya, a cikin rukunin da abin ya shafa, tare da duba ƙwarewa da iya aiki da riƙon amana. Sannan mai kamfani ya yi iya ƙoƙarinsa a sasanta kuɗin sallama.

Tambayata, wa ya zaɓi huɗun nan daga cikin taran, kuma da wane ma'auni?

Manajan_Casa:
Alhaji ne ya zaɓa, Baba. Biyu daga ciki sababbi ne, ba su kai shekara biyu ba. Ɗaya shekararsa 3. Na huɗun dattijo ne mai shekara 11 a wurin, shi ne ke yawan maganar kuɗin ƙarin lokaci. Akwai wani ɗan shekara ɗaya da aka bari. Kuma ba mu da ƙungiya.

Baban_Yuniyan:
Na san za a rina. Wannan dattijon ba rage shi ake yi ba, hukunta shi ake yi da sunan ragewa. Ka jera taran a takarda da ranar da kowa ya fara aiki. In za a bar ɗan shekara ɗaya a sallami mai shekara 11, sai da dalilin da za a iya nunawa, misali yaron ne kaɗai aka koya wa sarrafa sabon injin. Ko haka ne ma, a tambaya: an ba dattijon damar koyo ya kasa? Rashin ƙungiya kuma ba uzuri ba ne, doka ta ce ko wakilin ma'aikata. Ku tara sashen, su zaɓi mutum biyu, a zauna da su kafin a fitar da suna, a rubuta abin da aka tattauna. Kuma kada ku sallami huɗu yau, bayan wata ɗaya ku ɗauko wasu a kan aikin nan dai. Yin haka ya nuna tun farko babu rarar ma'aikata.

Ɗan_Maraɗi:
Mu nan Nijar abin ya fi haka tsauri a takarda. Dokar aikinmu ta 2012 ta sa mai kamfani ya tuntuɓi wakilan ma'aikata ya kuma sanar da sufeton aiki kafin ya rage mutane saboda matsin tattalin arziki, kuma ƙasarmu ta amince da yarjejeniya ta 158 ɗin da Barista ta ambata. Ina mamakin yadda a wajenku ba a faɗi ko nawa za a biya ba.

Tsohon_Sakatare:
Nan ne raunin sashe na 20, ɗan'uwa. Bai sa adadi ba, bai kuma sa kwanakin tattaunawa ba. Inda akwai ƙungiya mai ƙarfi, yarjejeniyarsu da masu kamfanoni ke faɗin abin da za a biya a kan kowace shekarar aiki. Inda babu, sai abin da takardar ɗaukar aiki ta ce ko abin da aka sasanta.

Notis kuwa doka ta ƙayyade mafi ƙarancinsa. Wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar zuwa sama, wata ɗaya. A rubuce, kuma ba a lissafa ranar da aka miƙa takardar. In kuɗi za a bayar a madadinsa, ba a sa alawus da kuɗin ƙarin lokaci a lissafin. A ce mai shekara 3 ɗin nan yana karɓar 90,000, daga ciki 60,000 ne ainihin albashi, to kuɗin notis ɗinsa na mako biyu kimanin 30,000 ne, sai in takardarsa ta ce fiye da haka. Ka ga wata ɗayan Alhaji ya zarce doka a kan sababbin, amma a kan dattijon notis ɗinsa ne kawai, babu ko sisi na shekara 11. Kuɗin sallama daban yake da kuɗin notis, kada a haɗe su.

Maman_Ikram:
Ƙari a kan wannan: ku tabbatar kun zuba musu kuɗin fanshon da kuka cire. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50 ya kuma yi wata huɗu bai samu wani ba damar cirar abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusunsa ba, kuma za a nemi takardar sallama. Ita takardar ta huɗun nan ta faɗi a fili cewa rage ma'aikata ne saboda sabon inji. In ka ba su takarda iri ɗaya da ta mutumin da kowa a kamfanin ya san ana zarginsa da buhu 14, a rana ɗaya, me kake so garin ya ɗauka?

Direban_Tirela:
Wallahi wannan ita ce maganar. Masu kamfanonin duk sun san juna, waya ɗaya za a buga.

Manajan_Casa:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa. Na zauna da Alhaji jiya bayan la'asar. Ya yarda a sake ƙidaya a gaban mai sito a kuma ba shi kweri, amma da na ce sai ƙaninsa ya zauna gaban kwamiti ya amsa tambaya, fuskarsa ta canza, ya ce zai yi tunani. Ɗan talla an ba shi wata biyu, babur zai fito ranar Asabar. Masu ɗinki sun zaɓi wakilai, za mu zauna ranar Litinin. Na kawo shawarar albashin mako biyu a kan kowace shekarar aiki, Alhaji ya ce mako ɗaya. A kan dattijon kuma ya kafe, ya ce shi ba zai iya ci gaba da aiki da shi ba.

Barista, in ƙanin ya ƙi zuwa, kwamitin zai iya yanke hukunci ba tare da shi ba?

Lauyar_Zariya:
Zai iya zama, amma ba zai iya ɗora wa mai sito sata ba alhali mai riƙe da ɗaya mabuɗin bai ce komai ba. A rubuta cewa an gayyace shi bai zo ba, da ranar. Batun dattijon kuma, in Alhaji ba ya son aiki da shi, ya kira shi su sasanta rabuwa da kuɗin da zai amince da shi a rubuce, kada a cusa sunansa cikin masu ragewa. Ka duba littafin maigadi ka gaya mini, lodin dare nawa aka yi tsakanin ƙidaya biyun, kuma wa ya sa hannu a kansu?